Farashi ninki nawa ne na riba? Yadda ake karanta P/E da wuraren da yake ruɗar mai saye

Wanda ya taɓa taya shago ko gidan haya ya riga ya san wannan lissafi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Dillali ya ce maka ga shago a bakin titi, naira miliyan 12. Kafin ka duba rufi ko ƙofa, tambayar da ke fara zuwa bakinka ita ce nawa ake biyan haya a shekara. Aka ce miliyan 1, bayan an cire gyara da kuɗin ƙasa. Nan take ka lissafa a zuci cewa sai shekara 12 kuɗinka zai dawo. Wannan 12 ɗin ita ce abin da za ka gani an rubuta P/E a manhajar dillalin hannun jari, a gefen sunan kowane kamfani. Farashin hannun jari guda ne aka raba da ribar da ta faɗo wa hannun jarin guda a shekara. A nan zan riƙa kiransa ninki, tunda abin da yake faɗa ke nan: farashi ninki nawa ne na ribar shekara.

```
EPS = ribar shekara bayan haraji ÷ yawan hannayen jari
P/E = farashin hannun jari guda ÷ EPS
```

Lambobi biyu ne kacal, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Farashi abu ne da ke gabanka, shi za a cire daga asusunka yau. Riba kuwa akanta ne ya haɗa ta, bisa ƙa'idojin da suka bar masa wurin yin hukunci, kuma ta shekarar da ta wuce ce, alhali kai shekaru masu zuwa kake saye. Kusan duk inda ninki ya yaudari mutum, ta ɓangaren ribar ne. Saboda haka yawancin aikin da ke ƙasa tuhumar wannan lamba ce.

Mataki na farko: lissafa da hannunka

Kada ka dogara da lambar da manhaja ta nuna. Sau da yawa tana amfani da ribar da ta tsufa, wani lokacin ta shekara biyu baya, kuma ba ta gaya maka. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX da ke Legas, wajibi ne ya fitar da rahoton kuɗinsa kowane wata uku, da babban rahoton shekara wanda masu binciken kuɗi suka duba. Ana samun su kyauta a shafin kasuwar da na kamfanin. Sauke na ƙarshe, ka nemi shafin riba da asara.

A wannan shafi akwai ramuka uku da sabon shiga ke yawan faɗawa. Za ka ga ginshiƙai biyu, ɗaya an rubuta Group, ɗaya Company. Na farkon ne naka, domin shi ya haɗa uwar kamfani da duk rassanta. Sannan layin da kake nema shi ne ribar da ta rage wa masu hannun jarin uwar kamfani bayan haraji, ba ribar kafin haraji da jaridu ke son sa wa a kanun labari ba. Na uku shi ne wanda ya fi ba da kunya. Kamfanoni da yawa a Najeriya suna rubuta EPS da kwabo ne, ba da naira ba. Ka ga 1,200 ka ɗauka naira ce, alhali naira 12 ake nufi. Wani ƙanena ya taɓa kirana da dare yana rawar murya, ya ce, "Yaya, na samo kamfanin da ribarsa ta fi farashinsa sau ashirin." Na ce ya duba saman ginshiƙin ya karanta mini abin da ke rubuce. Shiru ya yi, sannan ya ce sai da safe.

Bari mu ƙirƙiro kamfani don misali, mu riƙe shi har ƙarshe. Lambobinsa duka na koyarwa ne, ba na wani kamfani na gaske ba. Hannun jarinsa naira 60. Ribar shekara bayan haraji naira biliyan 30. Yawan hannayen jari biliyan 2.5. Raba 30 da 2.5, kowane hannun jari ya samu naira 12. Raba 60 da 12, ninki ya zama 5.

Idan kana tsakiyar shekara ne, ribar bara ta fara tsufa, sai ka haɗa ta watanni 12 na baya-bayan nan. Rahotannin zango a Najeriya tarawa suke yi daga farkon shekara, wato rahoton wata tara ya ƙunshi na wata shida a cikinsa. Don haka ka ɗauki ribar bara gaba ɗaya, ka ƙara ta wata taran bana, ka cire ta wata taran bara. Wanda ya tara rahotannin zango kai tsaye ya ƙirga riba ɗaya sau biyu ko uku.

Mataki na biyu: juya lambar, ka gwada ta da wani abu

Ninki 5 shi kaɗai bai ce komai ba. Juya shi, ka raba 100 da 5, ka samu 20. Ma'ana duk naira 100 da ka zuba tana haifar da naira 20 a shekara, muddin ribar ta tsaya yadda take. Ninki 10 kashi 10 ke nan, ninki 25 kashi 4. A wannan siffa ce za ka iya ajiye hannun jari kusa da sauran wuraren da kuɗinka zai iya zuwa, kamar sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, ko hayar shago, ko takardun bashin gwamnati ga wanda yake mu'amala da su.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗauko ma'aunin wata ƙasa a ɗora wa Najeriya. Za ka ji ana cewa ninki 15 daidai ne, ƙasa da haka araha. Maganar ta fito ne daga kasuwar Amurka, inda hauhawar farashi ke zama kashi 2 ko 3 a yawancin shekaru. A Najeriya hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekara. A lokacin da takardar gwamnati ke biyan sama da kashi 20 ba tare da fargabar karyewar kamfani ba, wa zai yi ɗokin hannun jari mai ninki 15, wanda bai kai kashi 7 ba? Sai in ana sa ran ribarsa za ta yi girma da sauri. Idan kuɗin ruwa ya hau, ninkin kasuwa gaba ɗaya yakan sauka, ko da kamfanonin ba su yi laifin komai ba.

Ka kuma tuna cewa kashi 20 ɗin nan ba a hannunka zai sauka ba. Kamfani yana raba wani ɓangare ne kawai na riba, sauran ya riƙe ya sake juyawa. Ko abin da ya riƙe zai amfane ka, wannan ya danganta da hannun da ke juya shi.

Gwaji na gaba shi ne da tsararraki. Banki da banki, siminti da siminti. Dangote Cement ana auna shi da BUA Cement da Lafarge Africa, ba da kamfanin inshora ba, domin kowace sana'a da irin haɗarinta da irin girmanta. Sannan ka gwada kamfanin da kansa, ka ga a wane ninki aka saba sayar da shi cikin shekara biyar da suka wuce. Idan ya saba zama tsakanin 8 da 10 yau kuma yana 5, to akwai abin da kasuwa take tsoro. Aikinka shi ne gano abin, sannan ka yanke ko tsoron yana da tushe.

Mataki na uku: tambayi ribar daga ina ta zo

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Koma kan shagon nan. A ce a bara ɗan haya ya biya kuɗin shekara biyu a dunƙule, dillali kuma ya nuna maka rasit na miliyan 2. Bai yi ƙarya ba, kuɗin sun shigo. Amma idan ka raba 12 da 2 ka ce shekara shida kuɗinka zai dawo, ka cuci kanka, don bana ba za a ga ko sisi ba. Kamfanoni ma suna da irin wannan rasit: sayar da fili ko reshe, diyyar inshora, rangwamen haraji na shekara ɗaya, da ribar canjin kuɗi.

Ta ƙarshen nan Najeriya ta gan ta ƙuru-ƙuru. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a kasuwar hukuma zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, ta kai wajen 900 a ƙarshen shekarar, ta kuma haura 1,400 a farkon 2024. Duk kamfanin da yake da kadarar dala fiye da bashin dala, da aka zo rubuta littafinsa da naira, sai kadarar ta kumbura, aka rubuta bambancin a matsayin riba. Manyan bankuna suna wannan sahu. Ribar UBA bayan haraji ta tashi daga wajen naira biliyan 170 a 2022 zuwa sama da biliyan 600 a 2023, kuma a farashin ƙarshen shekarar ninkinsa bai kai 2 ba. Wanda ya kalli lambar ita kaɗai zai ce kuɗinsa zai dawo kafin shekara biyu. Amma babban ɓangare na ƙarin daga canjin kuɗi ya zo, abin da ba zai maimaitu ba sai naira ta sake irin wannan faɗuwar. Ba ma wannan kaɗai ba, a Satumbar 2023 Babban Banki ya hana bankuna amfani da ribar canjin wajen raba wa masu hannun jari, a 2024 kuma gwamnati ta ɗora haraji na musamman a kan ribar canjin bankunan. Riba ce a littafi, amma hanyarta zuwa aljihun mai hannun jari a toshe take.

A ɗaya gefen kuma ga MTN Nigeria. A lokacin, babban ɓangare na kuɗin hayar turakun sadarwarsa a ɗaure yake da dala, ga bashin dala a kansa. Faɗuwar nairar da ta kumbura bankuna ita ta jefa shi cikin asarar wajen naira biliyan 137 a 2023, da wajen biliyan 400 a 2024. Nestlé Nigeria ma ta yi asara a 2023 saboda dalili irin wannan. Kamfanin da ya yi asara ba shi da ninki mai ma'ana, manhaja za ta nuna maka lamba mai alamar ragi ko ta bar wurin fayau. Shin mutane sun daina sayen kati da data ne a shekarun? Ko kusa, kuɗin shigar kamfanin ƙaruwa ya yi ta yi. Da naira ta ɗan natsu, aka kuma amince da ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025, sai ya koma cin riba. Abu guda ne ya faru a ƙasa guda, ya sa wani ya yi kamar kyauta ake bayar da shi, wani kuma kamar ya mutu, kuma duk biyun ninki bai faɗi gaskiyar sana'ar ba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa bankunan ba su zama mugun saye ba don ribar canji ta wucin gadi ce. A 2024 tsadar kuɗin ruwa ta kawo musu wata ribar ta daban. Amma wanda ya saya saboda ya ga ninki 2 kawai, ya dace ne, ba lissafinsa ne ya kai shi ba.

To yaya ake tace ribar? Buɗe bayanan da ke bin shafin riba da asara, waɗanda ake sa wa lamba. Nemi wanda ya fayyace Other income, wato kuɗin shigar da ba na ainihin sana'ar ba, da duk layin da ke ɗauke da foreign exchange gain ko revaluation ko disposal, wato ribar canjin kuɗi, ko sake kimanta kadara, ko sayar da ita. Rubuta kowanne a takarda, ka tambayi kanka ko zai sake zuwa baɗi ba tare da wani abin mamaki ya faru ba.

A kamfaninmu na misali, ribar kafin haraji biliyan 40 ce, haraji ya ci biliyan 10, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Da muka buɗe bayanan sai muka tarar biliyan 22 ribar canjin kuɗi ce, biliyan 2 kuma wani fili aka sayar. Cire 24 daga 40, saura biliyan 16, ita ce ribar sana'ar kanta. Cire mata haraji daidai gwargwadon na farko, saura biliyan 12. Wannan cire harajin kimantawa ce, domin ba kowace riba ake caza iri ɗaya ba, amma ya isa ga abin da muke nema. Raba 12 da 2.5, kowane hannun jari ya samu naira 4 da kwabo 80. Raba 60 da 4.8, ninki ya koma 12.5. Farashin bai motsa ba, kamfanin bai canza ba, amma abin da ya yi kama da kashi 20 a shekara ya zama kashi 8.

Haka za ka yi wa mai asarar canji, ta bayan hannu. Mayar masa da asarar cikin riba ka ga abin da sana'ar ke samarwa. Sai dai a nan akwai sharaɗi. Idan bashin dalar yana nan ba a biya ba, asarar ta gaske ce, za a biya ta da naira masu yawa wata rana, kuma za ta sake dawowa duk lokacin da naira ta zame. Duba ko kamfanin ya rage bashin ko ya sauya yarjejeniyar kafin ka yafe masa.

Mataki na huɗu: ƙirga masu cin tuwon

Riba ana raba ta ne da yawan hannayen jari, kuma yawan yana canzawa. A Maris 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su ƙara jari, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na cikin gida, aka ba su zuwa ƙarshen Maris 2026. Hanyar da akasarinsu suka bi ita ce fitar da sababbin hannayen jari. EPS ɗin da ke rahoton bara an lissafa shi ne da matsakaicin yawan hannayen jarin bara, kai kuwa da yawan yau za a raba maka.

A ce kamfaninmu ya fitar da ƙarin miliyan 500, jimla ta zama biliyan 3. Ribar biliyan 12 ɗin nan yanzu naira 4 ce ga kowa, ninki ya kai 15. Gaskiya ne sabon kuɗin da aka tara zai kawo tasa ribar, amma sai an juya shi, kuma wannan yakan ɗauki shekara ko fiye. Daga 5 muka fara.

Mataki na biyar: duba ko kuɗin sun shigo da gaske

Ana rubuta riba ne lokacin da aka sayar da kaya, ba lokacin da aka biya ba. Ɗan kasuwar da ya ba da kaya bashi a Kwari ya san tazarar da ke tsakanin abin da ke littafi da abin da ke aljihu. Buɗe shafin shige da ficen kuɗi, nemi layin Net cash from operating activities, wato tsabar kuɗin da sana'ar ta kawo, ka jera shi kusa da riba na shekara uku zuwa biyar. Ba dole su yi daidai kowace shekara ba. Amma idan riba na hawa, tsabar kuɗi na tsaye ko na sauka, bashin da kamfani ke bin abokan ciniki kuma yana girma fiye da ciniki, to ribar da kake raba farashi da ita tana hannun wasu.

Ga banki wannan gwaji ba ya aiki sosai, domin kuɗi su ne hajarsa. A can abin dubawa shi ne basussukan da suka ƙi biyuwa da abin da aka ware don su. Banki na iya nuna riba mai kyau shekara da shekaru ta hanyar ƙin amincewa cewa wasu basussuka sun mutu. Kafin 2009 bankuna irin su Oceanic da Intercontinental suna bayyana riba mai tsoka. Da Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya bincika littattafansu, ya sauke shugabannin bankuna biyar a Agustan 2009, sai ribar ta rikiɗe ta zama asara mai nauyi. Ninkin da mutane suka lissafa a 2008 daidai yake a lissafi, lambar da aka ba su ce ba ta da ƙashi. Shi ya sa masu nazarin banki suke haɗa ninki da gwada farashi da darajar kadarar banki bayan an cire bashi.

Bashi yana ɓuya a bayan ƙaramin ninki

Ninki yana kallon rabon masu hannun jari ne kawai, bai san da masu bin bashi ba. Ɗauki kamfanoni biyu, kowanne sana'arsa na kawo biliyan 10 a shekara, mu ajiye haraji gefe don sauƙi. Na farko ba a binsa komai, kasuwa ta yi masa kuɗi biliyan 100, ninki 10. Na biyu ana binsa biliyan 30 a kan kashi 20, kuɗin ruwa na cin biliyan 6, saura 4. Kasuwa ta yi masa kuɗi biliyan 28, ninki 7. A ido na biyu ya fi araha.

Sai shekara ta yi tsanani, abin da sana'ar ke kawowa ya sauka zuwa biliyan 7 a kowanne. Na farko ya tashi da 7, ninkinsa ya koma wajen 14. Na biyu dole ya biya 6 ɗin nan ko ana ha-maza-ha-mata, ya tashi da biliyan 1, ninkinsa ya zama 28. Abin da sana'ar ke kawowa ya ragu da kashi 30, ribarsa ta ragu da kashi 75. Kasuwa ba ta yi kuskure ba da ta sa masa ƙaramin ninki tun farko, haɗarin ta saka a farashi. Gwaji mai sauri shi ne ka raba ribar sana'a da Finance costs, wato kuɗin ruwan da kamfani ke biya a kan bashinsa. Idan amsar ba ta kai 3 ba, ni nakan ɗauki arahar da taka-tsantsan. Mai bin ƙa'idar shari'a a zuba jari dama zai duba yawan bashin ruwa don tantance halaccin kamfanin, to duba ɗaya ya biya masa buƙata biyu.

Sana'ar da ke hawa da sauka

Manomin albasa ya san shekarar da buhu ke tsada ba ita ce ma'aunin gona ba. Kowa zai ga an samu, kowa ya shuka, baɗi kasuwa ta cika. Kamfanonin da ribarsu ke bin farashin haja guda haka suke: mai haƙar ɗanyen mai kamar Seplat, masu manja kamar Okomu da Presco. A irin waɗannan ninki yakan yi aiki a juye. Lokacin da farashin haja ke ƙololuwa riba ta cika, ninki ya yi ƙasa, hannun jarin ya yi kamar araha, alhali lokacin ne ya fi haɗari. Lokacin da haja ta faɗi riba ta ƙafe, ninki ya yi sama ko ya ɓace, kuma sau da yawa lokacin ne farashin yake ƙasa da gaske. Gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Seplat ya yi asara a 2016, bayan faɗuwar farashin ta haɗu da rufe tashar fitar da mai ta Forcados. Wanda ya auna shi da ribar shekarun tsada ya auna da abin da ba zai dawwama ba.

Maganin da aka sani shi ne amfani da matsakaicin ribar shekaru da yawa. Masanin tattalin arziki Robert Shiller ya shahara da yin haka da shekara 10, bayan ya daidaita ribar da hauhawar farashi. A Najeriya daidaitawar nan ba abin tsallakewa ba ce, don nairar 2016 da ta yau ba kuɗi ɗaya ba ne, tara su kai tsaye zai sa kowane kamfani ya yi kamar ya yi tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba kashi nawa na ciniki ke zama riba a kowace shekara cikin biyar zuwa bakwai da suka wuce, ka ɗauki matsakaici, ka ɗora a kan cinikin bana. Idan kamfani ya saba riƙe kashi 15 na cinikinsa, bana kuma ya riƙe kashi 30, lissafa ninkin da 15. Zai ninka abin da manhaja ke nunawa sau biyu.

Babban ninki fa?

Ba kullum yake nufin tsada ba. Kamfani mai ninki 25 wanda ribarsa ke ƙaruwa da kashi 30 kowace shekara, bayan shekara uku ribar ta ninka sau biyu da ɗoriya, kuma a farashin da ka saya ninkin ya sauko wajen 11. Abin da masu saye ke biya ke nan, girman da bai zo ba tukuna. Matsalar ita ce in girman ya tsaya, duka biyu ake sha: riba ba ta kai yadda aka zata ba, kasuwa kuma ta janye babban ninkin da ta bayar. Sannan a ƙasar da kaya ke tashi da kashi 30, ribar da ta ƙaru da kashi 30 tana nan inda take, lambobi ne kawai suka yi ƙiba. Duba yawan kayan da aka sayar, tan nawa na siminti, katan nawa, masu layi nawa. Idan wannan bai ƙaru ba, ƙarin farashi ne ake kira girma.

Wani lokacin kuma babban ninki ba labarin girma yake bayarwa ba. Riba ce ta kusa ƙarewa. Kamfanin da ya samu kwabo 10 a kan hannun jarin naira 20 yana da ninki 200, kuma lambar ba ta da wani amfani. Idan ka ga ninki ya haura 50, fara duba ko ribar ce ta faɗi kafin ka yi zancen tsada.

Akwai wuri ɗaya da farashin ma abin tuhuma ne. Wasu manyan kamfanoni a NGX mafi yawan hannun jarinsu yana hannun wanda ya kafa su, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. Wasu ƙananan kuma sai a yi kwanaki ba a yi cinikinsu ba. Farashin da ke kan allo a irin wannan hali na cinikin ƙarshe ne, mai yiwuwa na mutum biyu, kuma ba lallai ka samu mai saye a kansa ba ranar da kake son fita. Kafin ka yarda da ninkin, duba yawan hannayen jarin da aka yi ciniki kullum a watan da ya wuce, ka gwada da abin da kake shirin saye. Idan naka ya kai cinikin yini guda gaba ɗaya, to sayenka kaɗai zai ɗaga farashin, kuma ninkin da ka lissafa a kan naira 60 sai ka sake shi a kan 63 ko 66.